Sanarwa ɗaya, waya uku, hali uku: ina matsalar take?

Ɗan Jega:
Assalamu alaikum, 'yan uwa da malamaina na wannan zaure. Na gina wa wata baiwar Allah mai sayar da taki da irin shinkafa a Birnin Kebbi wata ƙaramar manhaja, wadda idan sabon kaya ya sauka take aika wa manoma sanarwa mai ɗauke da hoton buhun da maɓallai biyu a ƙarƙashinsa, ɗaya an rubuta masa "Duba farashi", ɗayan kuma "Kira shago". A wayata mai Android 10 komai yana tafiya daidai. A wayar yaron shago mai Android 12 hoton yana fitowa, maɓallan ma suna fitowa, "Kira shago" yana aiki, amma idan aka danna "Duba farashi" babu abin da yake faruwa, kamar an danna dutse. A wata sabuwar waya mai Android 13 kuwa sanarwar ba ta zuwa sam. Bayan wannan duka, manoman da suke fadama wajen Suru da Argungu suna cewa sau da yawa rubutu kawai suke gani babu hoto. Saƙo ɗaya nake aikawa ta Firebase, kuma manhajar ɗaya ce a kan dukkan wayoyin. Noman rani ya kusa kankama, Hajiya kuma ta fara tambayata ko aikin bai kammala ba ne. Don Allah wanda ya taɓa cin karo da irin wannan ya taimaka.

Mai Gyaran Waya, Kasuwar Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, wannan ba sai an wahala ba, aikin mai tsimin batir ne. Kullum ana kawo mini wayoyi da ƙorafin cewa saƙonni ba sa shigowa sai an buɗe manhaja, kuma da zarar na shiga saitin batir na cire manhajar daga cikin waɗanda ake kashewa, sai komai ya dawo daidai. Ka je ka yi wa wayoyin nan biyu haka, za ka ba ni labari.

Malamin Kwamfuta, Aliero:
Maigida mai gyara ya faɗi wani abu na gaskiya, kuma za mu dawo kansa, amma bai bayyana abin da ya faru da wayar yaron shago ba. Da a ce batir ne ya kashe manhajar, da sanarwar ba ta fito da hotonta da maɓallanta ba, kuma da maɓallan biyu sun mutu tare. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ɗaya yana aiki, ɗaya ba ya yi. Ɗan Jega, ka amsa mini tambaya biyu. Da farko, wace lamba ka sa a `targetSdkVersion`, kuma ka canza ta kwanan nan? Na biyu, idan aka danna "Duba farashi", shafin farashin ne yake buɗewa kai tsaye, ko kuwa akwai wani abu da dannawar take fara bi ta cikinsa?

Ɗan Jega:
Allah ya gafarta Malam, da 30 ce, sai na ɗaga ta zuwa 33 saboda Play Store yana matsa wa mutum ya ɗaga lambar lokaci bayan lokaci. Da na ɗaga, manhajar ta rinƙa mutuwa tana neman in sa `FLAG_IMMUTABLE` ko `FLAG_MUTABLE`, na sa na farkon ta daina, sai na ɗauka an gama. Game da tambaya ta biyu, Hajiya tana son sanin mutum nawa ne suka danna, saboda haka maɓallin yana fara kiran wani `BroadcastReceiver` wanda yake ƙirga dannawar, sannan shi ya buɗe shafin da `startActivity()`. Maɓallin kira kuwa ba na ƙirga shi, kai tsaye yake buɗe wurin buga lamba.

Malamin Kwamfuta, Aliero:
To, ka amsa tambayarka da bakinka. Tun daga Android 12, wanda ya fito a 2021, an hana sanarwa ta buɗe shafi ta hannun ɗan aike. Wato idan mutum ya danna sanarwa ko maɓallinta, dannawar ta faɗa cikin `BroadcastReceiver` ko `Service`, shi kuma ya yi ƙoƙarin buɗe shafi, tsarin wayar zai tare shi. Dalilin da ya sa aka hana shi ne jinkiri, domin mutum yakan danna ya zauna yana kallon allo na wasu daƙiƙu kafin ɗan aiken ya farka ya yi aikinsa. Abin da ya sa matsalar take da wuyar ganewa shi ne manhajar ba ta mutuwa kuma ba ta nuna wa mai wayar wani kuskure, shiru kawai za a ji. Idan ka haɗa wayar yaron da kwamfuta ka buɗe Logcat, ka nemi kalmar `trampoline`, ka danna maɓallin, za ka ga layin da yake ambaton sunan manhajarka.

Akwai wani abu da nake so kowa a zauren nan ya riƙe, domin shi ne tushen yawancin ruɗanin da ake samu a wannan fanni. Ba sigar wayar kaɗai ce take yanke hukunci ba, kuma ba lambar da ka sa a manhaja kaɗai ba ce, sai su biyun sun haɗu. Wannan dokar tana hawa kan manhaja ne idan wayar tana kan Android 12 ko sama, kuma manhajar ta ce ita ma an gina ta don 31 ko sama. Lokacin da lambarka take 30, wayar yaron tana yi maka uzuri a matsayin tsohuwar manhaja. Ranar da ka rubuta 33, ka shaida wa wayar cewa ka san sababbin dokoki kuma ka yarda a hukunta ka da su. Wayarka mai Android 10 kuwa ba ta ma san da dokar ba, shi ya sa take ta yaudararka cewa komai lafiya.

Gyaran ba shi da tsawo. Ka bar maɓallin ya buɗe shafin kai tsaye, ka liƙa masa alamar inda dannawar ta fito, sannan ka yi ƙirgar a cikin shafin bayan ya buɗe.

```
Intent i = new Intent(ctx, FarashiActivity.class);
i.putExtra("daga", "sanarwa");
PendingIntent pi = PendingIntent.getActivity(ctx, 1, i,
    PendingIntent.FLAG_IMMUTABLE | PendingIntent.FLAG_UPDATE_CURRENT);
builder.addAction(R.drawable.ic_duba, "Duba farashi", pi);
```

Hajiya za ta samu lissafinta, manomi kuma zai ga farashinsa. Ka kuma lura cewa `setAutoCancel(true)` yana share sanarwa ne idan an danna jikinta, ba ya share ta idan maɓalli aka danna, don haka sai ka kira `cancel()` da lambar sanarwar da kanka a cikin shafin, in ba haka ba za ta zauna a sama bayan mutum ya gama dubawa.

'Yar Zuru:
Malam, ina da tambaya a kan wannan. Shin ma'anar maganarka ita ce an hana amfani da `BroadcastReceiver` a maɓallin sanarwa gaba ɗaya? Ina da manhajar makarantar Islamiyya wadda take da maɓallin "Na gani", kuma ta wannan hanyar nake aika amsar iyaye.

Malamin Kwamfuta, Aliero:
A'a, Malama, naki yana nan daram. Abin da aka hana shi ne buɗe shafi daga cikinsa. Maɓallin da yake yin aikinsa a ɓoye, kamar aika "na gani" ko share sanarwa, ba tare da ya buɗe komai a allo ba, ba a taɓa shi ba.

Baba Alhaji na Yauri:
Yarana, tun da kuna maganar sanarwa, ni tawa wayar ta cika da su, har da na wasannin da jikokina suka saka mini, dare da rana tana ƙara. Yaya zan yi in kashe su amma in bar na banki?

Ɗan Jega:
Baba, ranka ya daɗe, idan wata ta sake fitowa ka ɗora yatsa a kanta ka riƙe na ɗan lokaci, za ka ga wurin kashe sanarwar wannan manhajar kaɗai, na banki ba zai taɓu ba. Malam, na yi gyaran, na gwada a wayar yaron, maɓallin ya farfaɗo. Allah ya saka da alheri. Saura mai Android 13, wadda har yanzu ko tari ba ta yi.

Malamin Kwamfuta, Aliero:
Tambayar Baba ba ta yi nisa da matsalarka ta biyu ba, domin irin gajiyar da yake faɗa ce ta sa aka canza tsarin. Kafin Android 13, wanda ya fito a 2022, duk manhajar da aka saka tana da damar aika sanarwa tun ranar farko sai dai in mai wayar ya hana ta. Daga 13 aka juya al'amarin, sabuwar manhaja a kashe take zuwa har sai mai wayar ya yarda, kamar yadda ake neman izinin kyamara. Izinin sunansa `POST_NOTIFICATIONS`, kuma a nan ma lambar nan taka ta shigo. Da ka bar ta a 32 ko ƙasa, wayar da kanta za ta fito da tambayar a madadinka. Tun da ka kai 33, an bar maka alhakin rubuta izinin a `AndroidManifest.xml` da kuma tambayar mutum da kanka. Idan ba ka yi ba, babu wanda zai tambaye shi, saƙon zai iso wayar, manhajarka za ta gina sanarwar, tsarin kuma ya jefar da ita ba tare da ya ce uffan ba. Ka kira `areNotificationsEnabled()` a wannan wayar, ina kyautata zaton `false` za ta ba ka.

Shawarata ita ce kada ka jefa wa manomi tambayar da zarar ya buɗe manhajar karo na farko, domin bai san me za ka aiko masa ba, kuma hannu ya saba danna "a'a". Idan ya ƙi har sau biyu, wayar ba za ta sake nuna masa tambayar ba, sai dai ka kai shi shafin saiti ya kunna da hannunsa, wanda kuma ka san ba kowa ne zai bi ka har can ba. Ka bari sai ya duba farashin taki, sannan ka nuna masa rubutu da Hausa cewa idan yana so a sanar da shi ranar da sabon kaya ya sauka ya danna nan, daga nan ne za ka kira tambayar.

'Yar Zuru:
Ni wani abu ya taɓa cin mini kwana biyu wanda ya yi kama da wannan, amma ba izini ba ne. Na buɗe tashar sanarwa, wato `NotificationChannel`, da ƙaramin matsayi lokacin gwaji, daga baya na canza ta zuwa `IMPORTANCE_HIGH` don ta rinƙa faɗowa a saman allo da ƙara, amma wayar ta ƙi canzawa. Ashe tun Android 8 na 2017, da zarar an ƙirƙiri tasha, ƙararta da matsayinta sun koma hannun mai wayar, manhaja ba ta da ikon ɗaga su. Sai da na goge manhajar na sake sakawa, ga waɗanda suka riga suka saka kuma sai da na buɗe sabuwar tasha da sabon suna. Ɗan Jega, ka duba wannan ma kafin ka saki gyaranka.

Mai Gyaran Waya, Kasuwar Birnin Kebbi:
Na karɓi gyara a kan maɓalli da izini, amma ban janye maganata a kan manoman fadama ba. Mutanen nan caji yana yi musu wuya, da yawansu kuɗi suke biya a yi musu, don haka kusan kowa yana kunna tsimin batir, kuma suna share duk manhajojin da suke buɗe da zarar sun gama. Wannan ba zai hana hoto zuwa ba?

Malamin Kwamfuta, Aliero:
Yanzu ka zo wurin da maganarka take da ƙarfi, Maigida, sai dai mu raba abu biyu. Wanda sanarwa ba ta zo masa ba sam, mai yiwuwa abin da ka faɗa ne, domin a wasu wayoyi share manhaja daga jerin waɗanda aka buɗe yana daidai da tsayar da ita da ƙarfi, kuma manhajar da aka tsayar da ƙarfi ba ta karɓar saƙon Firebase har sai an sake buɗe ta. Amma wanda rubutu ya zo masa babu hoto, manhajarsa a raye take, hoton ne bai iso ba. Saƙon da ake turawa ba ya wuce kilobait 4, saboda haka hoton ba ya cikinsa, adireshinsa kawai ake sakawa, wayar ce take zuwa ta ɗauko shi a lokacin, kuma daƙiƙu kaɗan ake ba ta kafin a katse ta. Ɗan Jega, nawa ne nauyin hoton da kake aikawa?

Ɗan Jega:
Yadda Hajiya ta ɗauke shi da wayarta haka nake ɗora shi. Na duba na ƙarshe, megabait 3 ne da 'yan kai, kuma a tsaye aka ɗauke shi.

Malamin Kwamfuta, Aliero:
To mu yi lissafi. Megabait 3 daidai yake da kilobit dubu 24. Mu ƙaddara manomi yana wurin da sabis ɗinsa yake ba shi kilobit 200 a daƙiƙa, hoton zai ci daƙiƙa 120, wato minti biyu cur, alhali an daɗe da katse aikin. Idan ka rage shi ya koma kilobait 80, wato kilobit 640, a wannan sabis ɗin dai zai sauka cikin daƙiƙa uku da ɗan abu. Ba ka rasa komai ba, domin wurin da hoton yake zama a sanarwa bai kai tafin hannu ba. Ka rage shi tun a kan saba, wato kwamfutar da take ajiye hotunan a intanet, lokacin da ake ɗora shi, kada ka jira Hajiya ta tuna. Ka kuma yanka shi a kwance, faɗinsa ya ninka tsayinsa, kamar 1024 da 512, domin `BigPictureStyle` yana datse sama da ƙasan hoton da yake a tsaye, sai manomi ya ga cikin buhu babu sunan takin. Rubutu mai muhimmanci ya zauna a tsakiya, saboda datsewar ba iri ɗaya ba ce a kowace waya.

Abin da ni nake yi shi ne in fitar da sanarwar nan take da rubutu da maɓallai, sannan in tura ɗauko hoton zuwa `WorkManager`, idan ya sauka in sake fitar da ita da lamba ɗaya, sai ta maye gurbin ta farko. Ka sa `setOnlyAlertOnce(true)` don kada wayar ta yi ƙara sau biyu. Kuma farashin ya kasance a cikin rubutu, ba a jikin hoto kaɗai ba.

Ɗalibi daga Kamba:
Malam, gafara dai, me ya sa za a sha wannan wahalar? Firebase yana da wurin sa `image` a cikin saƙo, shi da kansa yake ɗauko hoton ya nuna, matuƙar bai wuce megabait 1 ba. Ni haka nake yi kuma ban taɓa rubuta layi ɗaya na ɗauko hoto ba.

'Yar Zuru:
Ƙanena, ka gwada sa maɓalli a irin wannan saƙon sannan ka rufe manhajar ka aika. Saƙon da yake da sashen `notification`, idan manhaja ba ta kan allo, Firebase ne yake nuna shi da kansa, ba ya kiran `onMessageReceived()`, kuma a can ne maɓallanka suke. Shi ya sa mutane suke cewa maɓalli yana fitowa lokacin gwaji amma ya ɓace a hannun jama'a, domin mai gwaji manhajarsa a buɗe take. Wanda yake son maɓallai a Android sai ya aika saƙon `data` zalla ya gina sanarwar da hannunsa, kamar yadda Ɗan Jega yake yi.

Ɗalibi daga Kamba:
Na gane, Anti, kuma gaskiya ban taɓa sa maɓalli ba. Amma ke nan tambayar ta koma ko maɓallan sun cancanci wahalarsu. Idan danna jikin sanarwar zai kai mutum shafin farashi, "Duba farashi" maimaici ne kawai, lambar shago kuma ana iya sa ta a saman shafin.

Ɗan Jega:
A kan "Duba farashi" ina ganin kana da gaskiya, kuma da na yi wannan tunanin tun farko da ban faɗa ramin ɗan aike ba. Amma "Kira shago" shi ne abin da Hajiya ta fi so, domin yawancin masu sayenta ba sa son karatu a waya, sun ga hoton buhu, sun gane shi, sai su kira a yi ciniki da baki. Wata tambayar kuma, ita Hajiyar iPhone take riƙewa, tana so a yi mata irinsa nan gaba. Wannan aikin zai ɗauku zuwa can?

Malamin Kwamfuta, Aliero:
Tunanin zai ɗauku, ginin ba zai ɗauku ba. A iPhone maɓallai sun zo da iOS 8 a 2014, hotuna kuma da iOS 10 a 2016, amma ba a gina maɓalli lokacin da saƙo ya iso kamar yadda kake yi yanzu. Manhaja tana yi wa rukunin maɓallanta rajista tun da wuri da `UNNotificationCategory`, saƙon kuma ya ambaci sunan rukunin a `category`. Hoto yana buƙatar wani ƙaramin sashe na daban mai suna Notification Service Extension, tare da `mutable-content: 1` a cikin saƙon, kuma ana ba shi kimanin daƙiƙa 30 ya ɗauko hoton, idan bai gama ba rubutu kaɗai zai fito. Abin da ya kamata ka gaya wa Hajiya tun yanzu shi ne a iPhone maɓallan a ɓoye suke sai an danna sanarwar an riƙe, don haka kada ta sa ran za ta ga "Kira shago" a fili kamar yadda take gani a wayar yaronta. Ko a Android ma sai an buɗe sanarwar ta faɗaɗa ake ganinsu, kuma ba a wuce uku.

Mai Gyaran Waya, Kasuwar Birnin Kebbi:
Ni dai har yanzu ina tare da ɗalibin nan ta wani gefe. Duk abin da ya dogara ga manhaja ta farka ta yi aiki a ɓoye, a wayoyin da nake gani kullum, ban amince da shi ba. Kai kana gwaji a gari da cikakken caji, manomi yana fadama da kashi 12 a batirinsa.

Malamin Kwamfuta, Aliero:
Ba zan musa maka ba. Sa wa saƙon `"priority": "high"` yana taimakawa wajen tayar da wayar da ta yi barci, amma ba ya tayar da manhajar da aka tsayar da ƙarfi, kuma wannan ya shafi nau'in saƙon biyu duka. Wanne ya fi isa hannun manoman Suru, ba zan yanke daga nan Aliero ba, sai an auna.

Ɗan Jega:
Zan auna. Na rage hoton ya koma kilobait 70, na ƙara tambayar izini bayan shafin farashi, kuma wayar mai Android 13 ta karɓi sanarwarta ta farko ɗazu bayan la'asar. Zan raba masu manhajar gida biyu, rabi su samu saƙon `data` mai maɓallin kira, rabi su samu na Firebase mai hoto babu maɓalli, in ga wane gida ya fi buɗewa idan motar yuriya ta sauka. Maigida, idan ka yarda zan biyo ta shagonka ranar Asabar da manhajar, mu saka ta a kan tsofaffin wayoyin da suke wurinka, mu share ta daga jerin, mu aika mu gani.

Mai Gyaran Waya, Kasuwar Birnin Kebbi:
Ka zo da safe kafin kasuwa ta cika, kuma ka taho da wayar cajinka.